Ribar da aka bari ta haihu: amsa ga mahaifiyar marainiya

Assalamu alaikum. Mai gidana ya rasu bara, ya bar ni da 'ya mace wadda yanzu take da shekara biyu. Bayan rabon gado, kason yarinyar ya zo hannuna amana. Ba zan faɗi ainihin adadin ba, amma mu ɗauka 100,000 ne. Na kai shi wani asusun zuba jari, ma'aikacin wurin ya ce ana sa ran ribar kashi 8 cikin ɗari duk shekara, kuma in ban taɓa ba har ta cika shekara 20, kuɗin zai kusa 400,000. Yayana ya ce ƙarya ce, domin 8 sau 18 bai wuce 144 ba, wato 244,000 ke nan, kuma tun da duk ɗaya ne, gara in riƙa karɓar ribar duk shekara ina yi wa yarinyar hidima. Ina cikin matsi, kuma ina tsoron cin amanar marainiya. Wa ke da gaskiya, kuma me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mai gidanki, ya raya abin da ya bari.

Lissafin yayanki daidai ne, lissafin ma'aikacin ma daidai ne, amma kowannensu yana lissafa makomar kuɗin ne a ƙarƙashin wani sharaɗi dabam, kuma sharaɗin nan ke ce za ki zaɓe shi. Adadin 244,000 shi ne jimillar abin da zai shiga hannunki idan kika karɓi ribar kowace shekara kika bar uwar kuɗin ita kaɗai. Adadin da ya kusa 400,000 kuwa shi ne abin da zai taru idan ribar ta zauna a cikin asusun. Saboda haka inda yayanki ya yi kuskure shi ne cewar da ya yi duk ɗaya ne, domin tsakanin hanyoyin biyu akwai tazarar da ta haura 155,000, wato fiye da ainihin kuɗin da kika kai.

Bari mu bi kuɗin shekara bayan shekara, domin abin ya fi fitowa fili idan aka gan shi yana tafiya. A ƙarshen shekarar farko, kashi 8 cikin ɗari na 100,000 shi ne 8,000, sai asusun ya zama 108,000. Har nan babu saɓani tsakanin mutanen biyu. Saɓanin yana farawa ne a shekara ta biyu, inda tambayar ita ce: kashi 8 na wane kuɗi? Idan kin bar ribar a ciki, kuɗin da ke aiki a wannan shekarar 108,000 ne, kuma kashi 8 nasa 8,640 ne. Wannan ƙarin 640 ita ce ribar da 8,000 ɗin bara ta haifar. Asusun ya zama 116,640. A shekara ta uku kashi 8 na 116,640 ya kai 9,331, asusun ya zama 125,971. A ta huɗu ya zama 136,049, a ta biyar 146,933. Kason bai taɓa canzawa daga 8 ba, amma abin da ake cire kason daga cikinsa yana girma kowace shekara, don haka ribar kanta take girma.

Harshenmu ma ya riga ya ba mu hoton abin, tun da muna cewa uwar kuɗi. Uwa tana haihuwa. Wanda ke da akuya guda, kuma duk 'yar da ta haifa sai ya sayar, zai ƙare da akuya guda komai daɗewa. Wanda ya bar 'ya'yan suka girma, su ma za su haihu, jikokin ma su haihu. Lissafin yayanki na mai sayar da 'ya'ya ne, kuma ga wanda ke sayarwa lissafin ba shi da aibi ko kaɗan.

Abin da ya sa hankali yake ƙin yarda da wannan shi ne a shekarun farko bambancin ba ya cika ido. Bayan shekara 5, mai karɓar riba yana da jimillar 140,000, mai bari yana da 146,933. Duk wanda ya dubi wannan zai ce tazarar ba ta kai a yi rigima a kanta ba. Amma bayan shekara 9 asusun da aka bari ya kai 199,900, wato ya kusa ninka kansa, yayin da ɗayan yake 172,000. Daga nan kuma sai ki lura da wani abu: kuɗin da ya ninka a shekara 9 zai sake ninkawa a wasu 9 ɗin, kuma wanda zai ninka yanzu 199,900 ne. Shi ya sa a ƙarshen shekara ta 18 ake samun 399,602. Shekaru 9 na farko sun ƙara kusan 100,000, na biyun kuwa sun ƙara kusan 200,000. Shekara ta 18 ita kaɗai ta kawo 29,600, alhali ta farko 8,000 ta kawo. Mukan ce da yayyafi kogi kan cika, amma wannan karin maganar tarawa take nufi, ɗigo kan ɗigo. A nan ɗigon kansa ne yake ƙara girma, kuma mafi yawan cikar tana zuwa ne a ƙarshe.

Ba na so ki karɓi waɗannan alƙaluma daga gare ni kamar yadda kika karɓa daga ma'aikacin, ba tare da kin gwada da hannunki ba. Ƙara kashi 8 cikin ɗari a kan kowane adadi daidai yake da ninka adadin da 1.08. Ki ɗauki kalkuletar wayarki, ki rubuta 100,000, ki ninka shi da 1.08, ki sake ninka amsar da 1.08, ki ci gaba har sau 18 kina rubuta amsar kowace shekara a takarda. Aikin ba zai ɗauke ki minti biyar ba. A littattafan lissafi ana rubuta wannan a taƙaice kamar haka:

```
A = P × (1 + r)^n
```

Harafin P shi ne uwar kuɗin, r shi ne kason riba a rubuce da ɗigo, wato 0.08 a nan, n shi ne yawan shekarun, A kuma shi ne abin da zai taru. Akwai kuma gajeriyar hanya da ake yi da ka, wadda ake kira ƙa'idar 72: ki raba 72 da kason ribar, amsar ita ce kusan yawan shekarun da kuɗi zai ninka kansa. A nan 72 raba 8 ya ba da 9, daidai da abin da muka gani. Tsohuwar dabara ce, domin masanin lissafin nan ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya ambace ta a littafinsa tun 1494. Tana aiki sosai idan kason yana kusa da 8, amma tana fara kaucewa idan ya yi yawa: a kashi 36 tana cewa shekara 2, alhali ainihin amsar shekara 2 da wata 3 ce.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi damunki, wato ko ki taɓa ribar ko ki bari. Ba zan ce miki kada ki taɓa ba. Yarinyar da ke buƙatar abinci, magani ko makaranta yau ba za a ce ta jira ta cika shekara 20 ba, kuma kashe dukiyar yaro a kan buƙatarsa ta gaskiya yana cikin abin da aka ba ki amanar dominsa. Abin da nake so shi ne duk abin da za ki cire, ki cire shi kina sane da farashinsa, domin farashin ba ɗaya ba ne a kowace shekara.

Ki ɗauka kin karɓi 8,000 ɗin shekarar farko kawai, daga nan ba ki sake taɓa komai ba. Asusun ya koma 100,000, kuma yanzu shekara 17 suka rage masa. Zai ƙare a 370,002 maimakon 399,602. Kin karɓi 8,000, amma yarinyar ta rasa 29,600. Idan kin lura, wannan shi ne daidai ribar shekara ta 18 da muka ambata a sama, kuma hakan ba haka kawai ya faru ba: cire ribar farko ya mayar da asusun baya da shekara guda, kuma shekarar da take faɗuwa daga lissafin ita ce ta ƙarshe, wadda ta fi kowace girma. Duk 1,000 da kika cire a ƙarshen shekarar farko, 3,700 ne a ranar da za ta karɓi kuɗinta. Wanda kika cire a ƙarshen shekara ta 9 kusan 2,000 ne. Wanda kika cire a ƙarshen ta 13 kuwa 1,469 ne kawai.

Akwai wani kwatanci da nake ganin ya fi kowane bayyana wannan, kuma ina roƙonki ki tsaya a kansa. A ce dole ne ki karɓi ribar shekaru biyar daga cikin 18 ɗin, kuma zaɓin da ke gabanki shi ne biyar na farko ko biyar na ƙarshe. Idan kin karɓi na farko, za ki samu 8,000 sau biyar, wato 40,000, sannan kuɗin ya yi shekara 13 yana girma har ya kai 271,962. Idan kuma kin bar shi ya fara girma shekara 13 tukuna, zai kai wannan 271,962 ɗin, sannan ki riƙa karɓar ribarsa a shekaru biyar na ƙarshe. Ribar kowace shekara a lokacin 21,757 ce, biyar ɗin kuma 108,785. A hanyoyin biyu abin da zai rage wa yarinyar a asusu ɗaya ne, 271,962, amma a ta farko kin karɓi 40,000, a ta biyu kin karɓi 108,785. Kuma shekarun ƙarshen nan su ne lokacin da take tsakanin shekara 15 zuwa 20, lokacin da hidimar yaro ta fi nauyi bisa al'ada, musamman ta karatu. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ba ki shawarar ki kare shekarun farko gwargwadon iyawarki, ko da kin san nan gaba sai kin taɓa.

Idan matsin ya kai inda ba makawa, akwai tsaka-tsaki. A ce duk shekara kina karɓar rabin ribar kina barin rabi. Asusun zai riƙa girma da kashi 4 cikin ɗari, kuma bayan shekara 18 zai kai 202,582, ke kuma kin karɓi jimillar 102,582 a tsawon lokacin, farawa da 4,000 a shekarar farko, adadin yana ƙaruwa a hankali. Amma ni na fi son ki bar buƙata ta yanke adadin da za ki cire. Ki ƙididdige abin da hidimar yarinyar ta gagare ki a shekarar, ki ciri wannan kaɗai, ki rubuta ranar da dalilin a littafi. Matsalar ɗabi'ar karɓar riba duk shekara ita ce kuɗin yakan zama kamar albashi, gida ya saba da shi, har a shekarun da ba a buƙatarsa. Sai dai akwai wuri ɗaya da nake cewa ki cire ba tare da shakka ba: idan madadin cirewar shi ne cin bashi mai ruwa domin buƙatar yarinyar. Bashi ma yana haihuwa da irin wannan lissafin, kuma wanda ruwansa ya kai kashi 20 a shekara yana ninka kansa cikin ƙasa da shekara 4. Babu hikima a tsare abin da ke girma da kashi 8 ta hanyar ɗaukar abin da ke girma da kashi 20.

Duk da haka, kada ki ɗauka na wanke ma'aikacin nan gaba ɗaya. Ninkawarsa daidai ce, amma ta tsaya ne a kan zaton cewa kashi 8 zai zo cikakke duk shekara har 18, kuma a nan ne zargin yayanki yake da amfani, ko da ya ɗora shi a wurin da bai dace ba. Ke da kanki kin rubuta cewa ana sa ran ribar ne. Sa rai dabam, alƙawari dabam. Ki koma ki nemi takardar yarjejeniyar, ki duba ko an rubuta kason a matsayin tabbatacce, kuma na tsawon wane lokaci. Asusu da yawa suna tabbatar da kaso na shekara ɗaya ko biyu ne kawai, daga nan a canza shi. Idan kuma asusun na jari ne da ribarsa ke hawa da sauka, to akwai wani abu da ya kamata ki sani game da kalmar matsakaici. A ce a shekarar farko an samu ribar kashi 30, a ta biyu aka yi asarar kashi 14. Idan aka haɗa aka raba biyu, matsakaicin kashi 8 ne. Amma 100,000 ya hau zuwa 130,000, sannan ya sauka zuwa 111,800, alhali kashi 8 tsayayye na shekara biyu ya ba da 116,640. Dalilin shi ne asarar ta faɗa a kan kuɗi mai yawa, kuma komawa daga faɗuwa ya fi faɗuwar wuya: kuɗin da ya ragu da kashi 20 yana buƙatar ƙaruwar kashi 25 kafin ya dawo inda yake. Don haka idan suka nuna miki tarihin asusun, ki tambaye su abu ɗaya: wanda ya sa 100,000 shekara goma da suka wuce bai taɓa ba, nawa ne a hannunsa yau? Amsar wannan tambayar ba ta da wurin ɓuya.

Abu na gaba da za ki tambaya shi ne kuɗin hidima. Ki tambaya ko kashi 8 ɗin kafin a cire ladan masu kula da asusun ne ko bayan an cire, haka kuma haraji idan akwai. Mutane suna raina wannan domin adadin yana zuwa da ƙaramar lamba. A ce suna cire kashi 2 cikin ɗari na asusun duk shekara. Abin da ya rage miki kusan kashi 6 ne, kuma 100,000 a kan kashi 6 na shekara 18 ya kai 285,434. Tazarar da ke tsakaninsa da 399,602 ita ce 114,168. Wato lada mai lamba 2 ya cinye abin da ya fi uwar kuɗin yawa, saboda shi ma cirewa ne duk shekara, kuma duk abin da aka cire yana tafiya da 'ya'yan da zai haifa. Ki tambaya kuma ko ribar tana komawa cikin asusun da kanta ne, ko kuwa ana ajiye ta a gefe sai kin ba da umarni. Idan ana ajiye ta a gefe, to kina kan lissafin yayanki ne ba tare da kin sani ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki dubi takardar bayanin asusu ta shekara ta biyu. Idan ribar da aka rubuta ta fi ta shekarar farko a kan kaso iri ɗaya, ribar tana haihuwa. Idan 8,000 ce ta sake fitowa, ba ta haihuwa.

Wasu asusun suna lissafa riba duk wata maimakon duk shekara, kuma ana yawan tallata wannan kamar babban abu. Yana da ɗan amfani, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kashi 8 da aka raba wata 12 ana mayar da shi ciki yana zama kusan kashi 8.3 a shekara, kuma a shekara 18 zai ba da kusan 420,000. Ko da za a lissafa duk daƙiƙa, ba zai wuce kashi 8.33 ba. Kada wannan ya ɗauke miki hankali daga kuɗin hidima, wanda tasirinsa ya ninka wannan sau da yawa.

Sai kuma abin da babu ɗaya daga cikin mutanen biyu da ya ambata miki, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro a kan dukiyar da za ta daɗe a ajiye, wato hauhawar farashi. Farashin kaya ma yana hawa ne kaso bisa kaso, na bana a kan na bara. Ba ki faɗi inda kike ba, don haka zan ba ki misali biyu ki gwada da naki. Idan farashi yana hawa da kashi 5 cikin ɗari duk shekara, bayan shekara 18 abin da ake saya 1,000 yau zai zama 2,407. A lokacin 399,602 zai sayi abin da 166,043 ke saya yau. Yarinyar ta ci riba ta gaskiya, amma ba ninki huɗu ba. Idan kuwa farashi yana hawa da kashi 10, wannan 399,602 ɗin zai sayi abin da 71,872 ke saya yau, wato lambar ta girma amma dukiyar ta ragu. Ƙa'idar ita ce ki cire kason hauhawar farashi daga kason ribar, abin da ya rage shi ne kusan girman da dukiyar ke yi da gaske. Idan amsar ta faɗi ƙasa da sifiri, to wannan asusun yana rage asara ne kawai, kuma ya kamata ki nemi wanda ya san harkar, wanda ba shi da abin da zai sayar miki, ya duba ko akwai wurin da ya fi.

Wannan batun yana ƙara nauyi a kan shawarar yayanki. Wanda ya ce a ci riba a bar uwar kuɗi yana zaton uwar tana nan yadda take. Amma 100,000 da aka bari ba ya girma, idan farashi yana hawa da kashi 5, bayan shekara 18 ƙarfinsa bai wuce na 41,552 na yau ba. Za ki miƙa wa yarinyar adadin da mahaifinta ya bari cif, amma fiye da rabin darajarsa ya tafi. Wani ɓangare na abin da ake kira riba, a haƙiƙa, toshe wannan ramin yake yi, kuma idan an cinye shi to uwar kuɗin aka ci.

Game da tsoron damfara, wannan lissafin shi ne ma'aunin da zai taimake ki. Alƙawarin kashi 8 a shekara ba alamar damfara ba ne a kan kansa, ko da yake ya kamata ki tabbatar cewa wurin yana da rajista da hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan asusun a ƙasarku. Wanda za ki guje wa shi ne mai zuwa miki da kashi 10 duk wata, kuma irinsu suna jin ƙanshin kuɗin gado daga nesa. Ki gwada alƙawarinsa da kalkuleta. Kashi 10 duk wata yana mayar da 100,000 ya haura 313,000 a shekara guda, ya haura miliyan 30 a shekara 5, ya haura biliyan 9 a shekara 10. Wanda ke da irin wannan hanyar ba ya buƙatar kuɗin marainiya. Babu abin da ke girma da babban kaso tsayayye na dogon lokaci, domin ninkawa tana cin karo da iyaka. Ko yawan mutanen duniya, wanda shi ne sanannen misalin irin wannan girma, bai riƙe kasonsa ba: ya kai kusan kashi 2 cikin ɗari a shekara a shekarun 1960, yanzu kuma ya sauka ƙasa da kashi 1. Daga biliyan 4 a wajen 1974 zuwa biliyan 8 a 2022 shekara 48 ne, kuma 72 raba 48 ya ba da 1.5, wanda shi ne kusan matsakaicin kason wannan tsakanin.

Shi kuma yayanki, kada ki je masa da cewa ya yi kuskure, domin ina ganin tausayinki ne ya sa shi magana, kuma taka-tsantsan ɗinsa abu ne da za ki buƙata. Ki ɗauki takarda ki ja layi biyu, ɗaya na karɓar riba, ɗaya na barinta, ki ce masa, "Yaya, taimaka mini mu cike wannan tare," sannan ki miƙa masa wayar ya riƙa ninkawa da 1.08 da hannunsa. Layin farko zai kai shi ga 244,000 ɗinsa, ya ga ba a ƙaryata shi ba, layi na biyu kuma zai kai shi ga 399,602. Bayan haka ki roƙe shi ya raka ki wurin ma'aikacin da tambayoyin nan a rubuce: ko kason tabbatacce ne kuma har zuwa yaushe, nawa ake cirewa na hidima da haraji, ko ribar tana komawa ciki da kanta, da kuma ko akwai tara idan kika ciri wani abu kafin wa'adi. Ki nemi a ba ku amsoshin a takarda mai sa hannu, ki ajiye ta tare da littafin da kike rubuta duk abin da kika cire, domin wata rana yarinyar za ta girma ta karanta su.